Zanen fari a ganyen masara: hoto biyu daga gona ɗaya a yankin Lere, da abin da muka yi kafin a taɓa aljihu

Gonar ta kawuna ce, tana wani ƙauye a ƙaramar hukumar Lere ta jihar Kaduna, ba nisa sosai da Saminaka, kuma duk wanda ya san wajen ya san masara ce sana'ar mutanen. Girmanta zai kai hekta ɗaya da rabi, gefe ɗaya tudu ne mai yashi-yashi, ɗaya gefen kuma ta gangara har bakin wata fadama inda maƙwabcinsa yake noman masarar gashi da ban ruwa tun kafin damina ta sauka. Kawu ya yi shuka farkon watan Yuni da irin da ya saya a leda, sai ruwa ya ɗauke kusan sati biyu, shukar ɓangaren gangaren nan da wani yanki na tudun ta lalace, kusan rabin hekta. Da ruwa ya dawo sai ya sake shuka wajen a satin farko na Yuli, to irin leda ya ƙare kuɗi kuma sun tafi wajen taki, sai kawai aka auno masarar ci a kasuwa aka zaɓi masu manyan ƙwaya aka shuka ba tare da an gauraya ta da maganin iri ba. Kenan a farkon Agusta akwai masara kashi biyu a gona ɗaya, tsohuwa mai sati takwas ta kusa fitar da kai, da sabuwa mai sati huɗu.

A lokacin ne ɗansa ya turo min hoto biyu ta WhatsApp da saƙon murya, wai Yaya duba mana, ganyen masarar Baba yana yin fari-fari, mun nuna wa mai shagon magani ya ce fumfuna ce a sayi mankozeb da takin feshi na ganye a haɗa a fesa gonar gaba ɗaya. Hotunan duka an matso da waya sosai, ganye ya cika fuskar wayar, ba a ganin kara ba a ganin ƙasa, ɗaya ma da filasha aka ɗauka shi ya sa ya yi ƙyalli.

Abu na farko da hoton kusa yake iya yi da kyau shi ne ya cire maka wasu cututtuka daga lissafi, kuma wannan kaɗai ba ƙaramin aiki ba ne. Cututtukan fumfuna na ganyen masara, irin waɗanda mankozeb zai iya tarewa, kusan dukkansu kashe naman ganyen suke yi. Za ka ga tabo ruwan ƙasa ko ruwan toka, busasshe, in ka murza ya karye, wani dogo mai tsini a baki biyu, wani ƙanana zagayayyu da baƙin da'ira a gefe, tsatsa kuma ƙuraje ne masu tudu da in ka shafa yatsa zai kwaso gari ja-ja. Kuma yawancinsu daga ganyen ƙasa suke farawa su hau sama, saboda daga ragowar karan bara da ke ƙasa suke tasowa ko kuma can ƙasan ne danshi ya fi zama. A hotunan nan biyu babu mataccen nama ko ɗaya, ganyen da ransa, launi ne kawai ya kwashe a tsaye, ya bi jijiyoyin ganye. Na faɗa wa yaron tun a nan cewa maganar mankozeb a ajiye ta gefe tukuna.

Abin da ya rage a lissafi, in ka ga fari ko rawaya a tsaye kan ganyen da bai mutu ba, abu huɗu ne na saba zargi a ƙasarmu. Akwai cutar zanen masara wadda malaman gona ke ce wa sitirik, bairas ce. Akwai ƙarancin sinadarin zinki a ƙasa, akwai ƙarancin magniziyom, sai kuma wata fumfuna ta daban da ke shiga cikin jikin shuka tun tana ƙarama ta sa gindin ganye ya yi fari, wadda aka fi fama da ita a kudu inda ruwa ya fi yawa. Huɗun nan in aka matso da waya sosai suna iya rikita ko wanda ya daɗe a harkar, amma hoton da ya fito tas yana nuna bambanci in ka san inda za ka sa ido.

Hoto na farko, da na buɗe shi na ja da yatsa, zanen sirara ne, faɗinsu bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, kuma ba su tafi santal ba, a yanke suke, ɗan dogo sai ya tsaya sai ɗigo-ɗigo sai wani ya ɗauka, kamar ɗinkin keken da zarensa ke yawan tsinkewa. Sun bazu a duk faɗin ganyen daga babbar jijiyar tsakiya har baki, babu inda suka bari. Wannan shi ne kamannin sitirik sak. Hoto na biyu kuma da yaron ya ɗauka cuta ɗaya ce, ni da na duba sai na ga ba haka ba, wani faffaɗan fari ne guda ɗaya a kowane gefe na jijiyar tsakiya, ya taso daga gindin ganye ya nufi tsakiya, ita jijiyar tana nan kore, bakin ganyen ma kore, ƙarshensa kore. Wannan ya fi kama da zinki. To amma kama ce kawai, don sitirik in ta yi tsanani zanen suna haɗewa su zama faffaɗa, filasha kuma tana wanke launi ta sa rawaya ta koma fari, ba zan sa dattijo ya kashe kuɗi ko ya tuge shuka a kan hoton da aka ɗauka da filasha ba.

Sai na kira Kawu da kansa. Bayan gaisuwa na ce Kawu don Allah ku dakata da sayen maganin nan zuwa jibi, ku sa yaron nan ya koma gona gobe da sassafe kafin raɓa ta bushe ya ɗauko min hotuna kala huɗu. Ya ce to ɗan nan, amma ka san masara ba ta jira. Na ce haka ne Kawu, amma abin da nake zargi in shi ne, kwana biyu ba za su ƙara masa komai ba, feshin kuma ba zai rage masa komai ba.

Hotunan da na nema su ne, ganye ɗaya a ɗaga shi sama rana tana bayansa ba filasha, sai bayan ganyen wato ƙasansa tun da raɓa, sai shukar gaba ɗaya daga ƙasa har sama mutum ya ja baya taku biyu da wata lafiyayya a gefenta, sai kuma hoton gonar daga nesa a bi kunya da ido. Na ce kuma kowane hoto ya faɗa min daga wane ɓangare ne, tudu ko gangare, tsohuwar shuka ko sabuwa. Da yawan masu turo hoto a nan suke yin kasala, ganye ɗaya mafi muni a gonar suke tsinkowa su ɗora a gwiwa su ɗauka, alhali wane ganye ne a jikin karan da kuma yadda marasa lafiyar suka zauna a gona sun fi kamannin tabon kansa ba da labari.

Hoton bayan ganye ya fara sallamar ɗaya daga cikin huɗun da nake zargi. Waccan fumfunar ta cikin jiki, in da danshi, da asuba za ka ga wani farin gashi-gashi lallausa a ƙasan ganye daidai inda ya yi fari, ganyen kuma yakan tsuke ya miƙe tsaye, farin yana da iyaka a fili tsakaninsa da koren. Babu ko ɗaya a nan, bayan ganyen sumul, zanen da ke sama shi ne dai ake gani ta ƙasa. Magniziyom ma ya fita da hoton shuka gaba ɗaya, saboda shi ganyen ƙasa tsofaffi yake fara kamawa, shuka tana kwashe shi daga tsohon ganye ta kai wa sabo, zanensa kuma yakan bi tsakanin jijiyoyi dogo, daga baya bakin ganyen ya yi ja-ja. A gonar Kawu ganyen can ƙasa lafiyarsu ƙalau, na sama ne ke da matsala a ɓangarorin biyu.

Saura sitirik da zinki, kuma duka biyun sabon ganye suke kamawa, shi ya sa aka fi rikita su. Hoton nesa ne ya raba gardama. A gangare, marasa lafiyar a warwatse suke, wannan ta kamu ta kusa da ita a rami ɗaya ma lafiya lau, sai ka wuce biyar shida ka sake ganin wata, kuma sun fi yawa ta bakin fadama. Abin da ƙwaro ke rabawa haka yake zama, inda ya sauka nan ne. A tudu kuma fili ne guda, kamar taku goma sha biyar a tsaye goma a kwance, duk shukar da ke ciki ta yi fari iri ɗaya ta gajarce, gabobinta sun matsu, kana fita daga filin sai kore. Na tambayi Kawu me ke wajen, ya ce ai nan ne ruwa ya wanke shekarun baya har jar ƙasa ta fito, kuma ba a taɓa kai takin shanu can ba saboda nisa da hanya. Abin da ƙasa ta jawo iyakar ƙasar yake bi. Kenan matsala biyu ce a gona ɗaya, kuma babu wadda mankozeb ya shafa.

Bari in tsaya kan sitirik ɗin don ita ce babba kuma ita ce mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai tsalle yake ɗauke da ita, sunansa a littafi Cicadulina, tsawonsa kamar milimita uku, launinsa fari-fari zuwa rawaya da ɗigon baƙi biyu a goshi, yana zama cikin kan masara inda sabon ganye ke naɗe, in ka girgiza sai ya yi tsalle ya ɓace shi ya sa manomi zai yi shekaru bai taɓa lura da shi ba. In ya tsotsi shuka mai cutar to ya ɗauka kenan har ya mutu, duk lafiyayyar da ya sake tsotsa zai iya sa mata. Da rani yana zama a ciyayin fadama irin su harƙiya da tuji, da masarar rani da alkama inda ake ban ruwa. Kun ga kenan masarar gashin maƙwabci da ta riga kowa, ga ciyawar bakin fadama, ga kuma jaririyar masara da aka shuka a Yuli lokacin da ƙwarin sun riga sun hayayyafa a kan gonakin da suka girme ta, komai ya haɗu. Ba sabon abu ba ne, a 1983 da 1984 da aka yi fari damina ta zo a rikice mutane suka yi ta shuka kashi-kashi, cutar nan ta yi ɓarna sosai a masarar Afirka ta Yamma har da Najeriya, kuma aikin samar da irin da ke jure mata ne ya sa cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samu lambar yabo ta Sarki Baudouin a 1986. Tun daga nan mafi yawan ingantattun irin da ake fitarwa an sa musu wannan juriyar, shi ya sa yaran yanzu da yawa ba su san cutar ba sai ranar da aka shuka masarar da ba a san asalinta ba a makare.

Kawu da ya ji haka sai ya ce to irin kasuwar nan ne ya zo da cutar kenan. Na ce a'a Kawu, ba ta bin iri, ba ta bin ƙasa, ba ta bin fartanya ko hannu, ƙwaron nan kaɗai ne hanyarta. Laifin irin kasuwa shi ne ba mu san ko yana da juriya ba, kuma ba a sa masa maganin da zai kare shi a makonnin farko ba. Masarar da za ta fito kuma ana cin ta lafiya lau, ba ruwanta da mutum ko dabba.

Akwai wata dabara da hoton shuka gaba ɗaya yake ba ka wadda nake ganin ta fi komai amfani wajen yanke shawara. Ganyen da ya riga ya buɗe kafin ƙwaro ya sa cutar ba ya yin zane, yana nan kore har ƙarshe, sai ganyen da suka fito bayan nan ne kaɗai ke zuwa da shi, alamar kuma tana fara bayyana cikin kamar sati ɗaya, ƙananan ɗigo a gindin ganyen da ke fitowa. Saboda haka in ka ƙirga ganye daga ƙasa ka ga inda zanen ya fara, ka san wajen yaushe ta kamu. A zafinmu masara tana buɗe sabon ganye duk bayan kwana uku zuwa huɗu, mai sati huɗu tana da buɗaɗɗun ganye bakwai zuwa takwas. Wadda zanenta ya fara daga ganye na uku ko na huɗu tun satin farko ko na biyu ta kamu, irin wannan takan tsumbure, in ma ta yi goyo to ɗan guntu ne mai gibi. Wadda kuma ganye biyun sama ne kawai suka nuna, kwanan nan ta kamu, za ta rage amma za ta ba da wani abu. Wadda ta kai sati bakwai takwas kafin ta kamu kuwa asararta kaɗan ce ƙwarai. Shekarun shuka lokacin da ta kamu shi ne ma'aunin asara, ba munin ganyen a hoto ba.

Sai na sa yaron ya yi ƙirga. Na ce ya shiga sabuwar shukar ya tsaya wuri biyar a karkace daga bakin fadama zuwa sama, kar ya zaɓi inda ya fi muni, kowane wuri ya ƙirga shuka ashirin a jere kan kunya ɗaya, ya rubuta nawa ke da zane, cikinsu kuma nawa ne zanen ya faro daga ƙasa suka tsumbure. Ya kawo 6, 4, 2, 1, 1, jimla 14 cikin 100, huɗu daga ciki tsumburarru ne, goman a sama kawai. A tsohuwar shukar ya samu 3 cikin 100, duk a ganyen can sama. Lambobin da kansu sun nuna daga ina abin ke shigowa, shida a bakin fadama ɗaya a can sama.

Muka yi lissafi na kai-da-kai ni da Kawu a waya. Rabin hektar nan a yadda yake noma yana sa ran buhu goma sha biyu. In huɗun nan sun tafi gaba ɗaya, goman kuma a ce sun ba da rabi, asarar ta kama wajen kashi tara cikin ɗari, buhu ɗaya da ɗan wani abu kenan. Ƙiyasi ne ba awo ba, amma ya isa ya nuna cewa gonar ba ta mutu ba, kuma babu dalilin a nome ta a sake shuka a watan Agusta kamar yadda wani ya ba shi shawara.

Matakin da muka ɗauka na farko, a tuge tsumburarrun nan duk inda suke a fitar da su daga gona, a ba dabbobi ko a binne, tunda ba a yi musu feshi kwanan nan ba dabba za ta iya ci. Ba za su ba da komai ba, rumbun cuta ne kawai ga ƙwaron, kuma da yake biyu-biyu aka shuka a rami, ta kusa da ita za ta samu sarari da taki. Masu zane a sama kawai na ce a bar su. A nan ra'ayi ya bambanta, wasu malaman gona za su ce a tuge duk mai alama, kuma in da a sati na biyu ne aka gani cutar kuma ɗaya-ɗaya ce ni ma haka zan ce. Amma a sati huɗu, kashi goma sha huɗu, ga maƙwabci yana ta aiko da sabbin ƙwari ta bakin fadama, in ka tuge duka ka yi wa kanka asarar da ta fi ta cutar kuma ba ka rufe ƙofar da take shigowa ba.

Na biyu, yuriya. Lokacin taki na biyu ya yi daman, sati huɗu zuwa shida, kuma kuɗin da za a kai wa mankozeb da takin ganye gara a ƙara a nan. A rabin hekta buhu ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a tona ɗan rami tazarar yatsu huɗu zuwa biyar daga gindi a zuba a rufe lokacin da ƙasa ke da danshi, bayan an yi maimai. Taki ba ya warkar da bairas, wadda ta kamu ta kamu kenan, amfaninsa shi ne kashi tamanin da wani abun da ke lafiya su yi saurin wuce shekarun haɗari su kuma cike gurbin da aka rasa.

Maganar feshin ƙwari kuwa, yaron ya matsa, wai tunda ƙwaro ne ai sai a kashe shi. Gaskiya ana iya kashe wanda ke gonar yau, amma gobe wasu za su taso daga ciyawa da gonar maƙwabci, kuma ƙwaron ba ya buƙatar dogon lokaci yana tsotsa kafin ya sa cutar, sai ka yi ta feshi duk sati kana bin iska. Da shukar sati ɗaya ko biyu ce kuma ana girgiza ta ana ganin ƙwarin suna tashi da yawa, da zan yarda a fesa kunyoyin bakin fadama, amma mai sati huɗu da ke shirin shan yuriya ban ga ribar ba. Na dai ce ya leƙa cikin kan masarar ya duba tsutsar nan mai cin ganyen masara da ta shigo mana a 2016, ko akwai ramuka da kashinta, don ita in ta yi yawa feshinta daban ne kuma yana biya. Bai samu abin a zo a gani ba.

Filin tudu kuma gwaji muka yi, ba magani ba. Na ce a nemo zinki salfet, giram biyar a lita ɗaya ta ruwa, wato giram tamanin a injin goyo mai lita goma sha shida, a fesa kunya uku kawai cikin filin da yamma in rana ta yi sanyi, a bar sauran a matsayin ma'auni, a sa tsinke a bakin waɗanda aka fesa. Kar a ƙara yawan garin don yana ƙona ganye. Abin da za a duba ba tsohon ganyen da ya riga ya yi fari ba ne, sabon da zai fito ne. Bayan kwana goma hoton da ya turo ya nuna kunyoyi ukun sabon ganyensu ya fito kore, na gefensu har yanzu da farin, sai aka fesa sauran. Da ba a ga bambanci ba da sai mu koma tunanin wani abin, misali ƙarancin salfa ko saiwar da ta lalace, kuma da mun yi asarar kunya uku ne kawai na magani. Gyaran gaske na wajen dai takin shanu ne ko na kaji kafin huɗa, da kamfa mai ɗauke da zinki in an samu.

An sake ƙirga a gangare bayan sati ɗaya a wuraren nan biyar, don na sa ya ɗaura tsumma a farkon kowane layi. Masu zane a sama sun tashi daga goma zuwa goma sha biyar, Kawu ya kira hankalinsa a tashe wai tugewar ba ta yi aiki ba. Na ce Kawu waɗannan biyar ɗin yawancinsu sun riga sun kamu tun kafin mu tuge, alamar ce ba ta fito ba sai yanzu, ku duba za ku ga a ganyen ƙarshe kawai take. Abin da zai tayar da hankali shi ne a ga lambar tana ninkawa sati bayan sati har can saman gona. Sati na gaba biyu kawai suka ƙaru, masarar kuma ta kai ƙugu.

Akwai inda hoto ba ya kaiwa ko an ɗauka da kyau. Da a ce zanen ya zo da bushewar ganye daga baki yana cin shuka gaba ɗaya tana mutuwa a tsaye, ko gona ta kamu fiye da rabi cikin 'yan kwanaki, ko an ga farin gashin nan a bayan ganye, wannan ba na waya ba ne, sai a kira malamin gona na yankin ya zo ya gani da ido, in ta kama a kai samfur cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru. Samfurin ma shuka guda ake tugewa da saiwarta a naɗe a takarda, ba a leda ba don tana dafa ganye kafin a isa.

Shirin baɗi da muka tsayar da Kawu bai da yawa. Iri ya zama ingantacce daga dila mai rajista, irin su jerin SAMMAZ na IAR, a tambaya takamaimai ko yana jure sitirik, kuma a sayi ɗan ƙari a ajiye saboda sake shuka, don a nan ne aka samu kafar. In irin bai zo da magani a jikinsa ba a gauraya shi da maganin iri wanda aka rubuta thiamethoxam ko imidacloprid a ledarsa, bisa awon da ke jiki, da safar hannu, kuma ragowar ba ta ci ba ce ba ta kaji ba. Wannan maganin yana shiga jikin shuka ya kare ta a makonnin farko, daidai lokacin da kamuwa ta fi tsada. Ciyawar bakin fadama da gyauron masara a share su tun kafin shuka ta fito, ba bayan ta fito ba, don in ka sare ciyawa ga jaririyar masara a gefe ka koro mata ƙwarin ne, a kuma bar tazarar kamar mita goma tsakanin masarar da fadamar. In kuma ruwa ya sake yin irin ta bana har aka shiga Yuli gangaren nan babu shuka, to kar a mayar da masara wajen, a sa waken soya in da sauran lokaci ko a jira a sa wake, cutar ba ta kama su.